Yadda ake haɗa takardun gwajin jini su zama jadawali ɗaya mai nuna inda aka dosa

Majinyacin da ya kwana biyar a gadon asibiti yakan tara takardun gwaji shida ko bakwai. Wata an maƙala ta a fayil, wata tana ninke a aljihun mai jinya, wata kuma hotonta ne kawai a waya. Likita ya zo zagaye ya ce, "Jiya nawa ne? Shekaranjiya fa?" sai a shiga lalube, ana ɗaga wannan ana ajiye waccan. Na sha tsayawa a bakin gado ina kallon haka, kuma abin yana damuna, domin amsar tana hannunmu, warwatse kawai take.

Takarda ɗaya tana faɗa maka inda majinyaci yake a lokacin da aka ɗebi jininsa. Ba ta faɗa maka daga ina ya fito ko ina ya nufa. Ɗauki kiriyatinin, wato sinadarin da ake aunawa don a ga yadda ƙoda ke tace jini. Idan ya nuna 139, labari ne mai daɗi ga wanda shekaranjiya nasa ya kai 186, amma abin tashin hankali ne ga wanda nasa bai taɓa wuce 88 ba. Lamba ɗaya ce, ma'ana biyu. Aikin jadawalin shi ne ya jera lambobin a layi ɗaya, ido ya bi su daga hagu zuwa dama ya ga hawa ko sauka.

Zan bi da kai ta misali guda daga farko har ƙarshe. A ce dattijo ne aka kwantar saboda gudawa da amai, jikinsa ya bushe, ana lura da ƙodarsa. Takardunsa bakwai ne: biyu daga wani ɗakin gwaji na waje, biyar daga na asibitin da yake kwance. Kayan aikinka farar takarda babba, rula, fensir, biro da kalkuletar waya.

Fara da tabbatar da cewa duk takardun nasa ne

Kafin ka kalli ko lamba ɗaya, baza takardun a kan tebur ka duba saman kowacce: suna, shekaru ko ranar haihuwa, da lambar kati. Suna shi kaɗai ba ya wadatarwa. Na taɓa cin karo da takardar wani majinyaci a fayil ɗin mai irin sunansa, gadajensu ma ɗaki ɗaya. Abin da ya tona asirin shi ne lambar kati, adadi biyu na ƙarshe sun bambanta. Da na kwafe ta, da jadawalin ya nuna jinin mutumin ya ƙaru da kusan giram uku a dare ɗaya ba tare da an yi masa ƙarin jini ba. Duk takardar da bayananta ba su yi daidai da na sauran ba, ware ta gefe ka nuna wa ma'aikatan ɗakin. Kada ka gyara ta da kanka, kada kuma ka shigar da ita da tunanin ai kuskuren rubutu ne.

Jera su bisa lokacin da aka ɗebi jini

Nan ne aka fi faɗawa rami, don haka zan daɗe a kai.

Yawancin takardun gwaji suna ɗauke da lokaci fiye da ɗaya. Akwai lokacin da aka ɗebi jinin, wanda sau da yawa za ka ga an rubuta `Collected` a gabansa. Akwai lokacin da jinin ya isa ɗakin gwaji, `Received`. Akwai lokacin da aka fitar da sakamako ko aka buga takardar, `Reported` ko `Printed`. Na farkon kaɗai ne naka. Jini yana ba da labarin jiki ne a daidai sa'ar da ya fita daga jijiya, ko da kuwa sai bayan kwana biyu aka buga takardarsa. Matsalar ita ce ranar bugawa ta fi saurin shiga ido, domin sau da yawa ita ce a can sama ko a ƙasa ita kaɗai.

Dubi abin da ya faru da dattijonmu. An ɗebi jininsa a ɗakin gwajin waje ranar 3 ga Maris da ƙarfe 9:10 na safe, kafin a kwantar da shi. Iyalinsa ba su samu karɓo takardar ba sai 5 ga Maris da yamma, kuma ranar ce aka buga a jikinta. Kiriyatinin ɗin da ke cikinta 115 ne. Wanda ya jera bisa ranar bugawa zai samu 148, 186, 115, 171. Zai ɗauka ƙodar ta kusa warwarewa cikin yini ɗaya, sannan ta sake taɓarɓarewa washegari, a shiga neman abin da ya jawo koma-bayan da bai taɓa faruwa ba. Wanda ya jera bisa lokacin ɗibar jini zai samu 115, 148, 186, 171. Hawa ɗaya ne, ya kai ƙololuwa, ya fara gangarowa. Lambobin ba su canza ba, wurin zamansu ne kawai.

Saboda haka ɗauki fensir, ka rubuta rana da sa'ar ɗibar jini a kusurwar sama ta kowace takarda, sannan ka ba su lamba daga 1 zuwa 7 bisa wannan jeri. Rubuta wata da sunansa. Idan ka ga 04/03, wani injin yana nufin 4 ga Maris, wani kuma 3 ga Afrilu, kuma ɗakunan gwaji biyu suna iya saɓawa a kan wannan. Ranar da aka kwantar da majinyaci za ta raba maka gardama. Idan takarda ba ta nuna lokacin ɗiba ba sam, duba littafin ma'aikatan jinya ko fom ɗin neman gwajin. In hakan ya faskara, yi amfani da lokacin isar jini ɗakin gwaji, ka sa alamar tambaya a gefensa domin mai karatu ya san kintace ne.

Wani abu kuma: wasu asibitoci suna buga sabon sakamako tare da na kwanakin baya a takarda guda. Kada ka shigar da gwaji ɗaya sau biyu. Kowane jini da aka ɗiba yana da lambarsa a takarda. Idan lambar da sa'ar sun zo ɗaya, jini ɗaya ne.

Zana jadawalin

Sunayen gwaje-gwaje su sauko a gefen hagu, kowanne da layinsa na kwance. Lokutan ɗibar jini su jeru a sama, mafi daɗewa a hagu. Kowace ɗiba tana da layinta na tsaye, ba kowace rana ba. Idan an ɗiba sau biyu a rana ɗaya, layi biyu ke nan. A can sama rubuta sunan majinyaci, lambar kati da shekarar da ake ciki. Ka bar layuka uku ko huɗu babu komai a dama saboda gwajin da ke tafe.

Ba dole ne ka kwafi duk abin da ke takarda ba. Takardar ƙidayar jini kaɗai tana iya ɗaukar layi goma sha biyar ko fiye. Tambayi likita waɗanne yake bibiya. Ga dattijonmu huɗu sun isa: kiriyatinin, yuriya wadda ita ma datti ce da ƙoda ke tacewa daga jini, gishirin fotasiyam, da hemogulobin, wanda shi ne ake nufi idan an ce jini ya yi ƙasa.

Layi ɗaya, ma'auni ɗaya

Ɗakunan gwaji ba sa auna abu da ma'auni iri ɗaya. Takardar waje ta dattijon ta rubuta kiriyatinin 1.3, ta asibiti ta rubuta 148. Ba ninkawa ya yi sau ɗari ba. Ta farko da mg/dL ta auna, ta biyu da µmol/L. Doka ita ce ka zaɓi ma'auni ɗaya ga kowane layi, ka rubuta shi a gefen sunan gwajin, duk abin da zai shiga layin ya zo a cikinsa. Zaɓi ma'aunin asibitin da ake jinyar, tunda takardunsa sun fi yawa kuma shi likitocin wurin suka saba gani.

Ga lissafin da misalinmu ke buƙata:

```
Creatinine: mg/dL × 88.4  = µmol/L
BUN:        mg/dL × 0.357 = Urea mmol/L
Urea:       mg/dL ÷ 6     = mmol/L
Hb:         g/L   ÷ 10    = g/dL
```

Kiriyatinin 1.3 sau 88.4 ya ba da 114.9, sai ka rubuta 115. Tsohuwar takardar 8 ga Janairu, lokacin yana lafiyarsa lau, ta nuna 1.0, wato 88. Hemogulobin da ɗakin gwajin waje ya rubuta 118 a g/L shi ne 11.8 a g/dL. Fotasiyam ba ya ba da wahala, domin mmol/L da mEq/L lamba ɗaya suke bayarwa a kansa.

Yuriya ce ke da tarko. Wasu takardu suna rubuta `Urea`, wasu `BUN`, kuma ba abu ɗaya ba ne ko da duka a mg/dL suke. Na biyun ɓangaren naitirojin da ke cikin yuriyar kaɗai yake ƙirgawa, wanda bai kai rabin nauyinta ba. Takardar dattijon ta ce `BUN` 22. Lissafin daidai shi ne 22 sau 0.357, ya ba da 7.9. Wanda ya ɗauka yuriya ce kai tsaye ya raba da 6 zai samu 3.7, ƙasa da rabin gaskiya, sai hawan washegari ya zama kamar ninki uku. Karanta sunan gwajin harafi da harafi kafin ka taɓa kalkuleta.

Duk lambar da ka juya, rubuta ta asalin da ƙananan haruffa a ƙarƙashinta tare da ma'auninta. Wanda ya zo bayanka zai iya sake lissafin cikin daƙiƙa goma. Kada kuma ka zuba adadi da yawa bayan ɗigo. Injin da ya ce 1.3 bai ba ka tabbacin da zai sa ka rubuta 114.92 ba.

Iyakokin lafiya da ake bugawa a gefen sakamako su ma sukan ɗan bambanta daga ɗakin gwaji zuwa wani. Shi ya sa ba na kwafe alamun `H` da `L`, masu nuna sakamako ya haura iyaka ko ya gaza ta, zuwa jadawali. Ina rubuta iyakar ɗakin gwajin asibitin sau ɗaya a gefen hagu, sannan a saman kowane layin tsaye in nuna daga wane ɗaki sakamakon ya fito.

Cike guraben

Ɗauki takarda ɗaya, ka gama da ita kakaf daga sama zuwa ƙasa, ka kife ta, sannan ka ɗauki ta gaba. Tsalle daga takarda zuwa takarda kana neman gwaji guda shi ke sa lamba ta faɗa gurbin maƙwabciyarta. Ga yadda na dattijon ya kasance:

| Gwaji | 8 Janairu | 3 Maris 9:10 | 4 Maris 6:30 | 5 Maris 6:15 | 5 Maris 11:40 | 6 Maris 6:20 | 7 Maris 6:25 |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Ɗakin gwaji | waje | waje | asibiti | asibiti | asibiti | asibiti | asibiti |
| Kiriyatinin µmol/L | 88 | 115 | 148 | 186 | – | 171 | 139 |
| Yuriya mmol/L | – | 7.9 | 11.2 | 14.0 | – | 13.1 | 10.0 |
| Fotasiyam mmol/L | – | 4.1 | 4.6 | 6.4* | 4.9 | 4.7 | 4.3 |
| Hemogulobin g/dL | – | 11.8 | 10.9 | – | – | 10.4 | – |
| Abin da ya faru | lafiya lau | kafin kwanciya | ana ƙarin ruwa | *jini ya farfashe | an maimaita | ana ƙarin ruwa | amai ya tsaya |

Inda ba a yi gwaji ba, ja ɗan gajeren layi. Kada ka rubuta sifiri, domin sifiri sakamako ne. Kada ka maimaita lambar jiya don gurbi ya cika, domin hakan yana cewa an auna an samu babu canji, alhali ba a auna ba. Idan an ɗebi jini amma sakamako bai fito ba, rubuta "ana jira" da fensir. Idan takarda ta ce `<5`, kwafe ta da alamarta yadda take. Ma'anarta abin ya yi ƙasa da inda injin ke iya gani, ba biyar ba ne.

Yanzu dubi 6.4 mai tauraro. A ƙasan waccan takarda, da ƙananan haruffa, an rubuta `Haemolysed`. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da fotasiyam, ya ninka na ruwan jinin da suke yawo a ciki sau da yawa. Idan suka farfashe wajen ɗiba, ko don siririyar allura, ko don an ja sirinji da ƙarfi, ko an jijjiga kwalbar, sai ya tsiyayo cikin ruwan, injin ya karanta lamba mai yawa wadda ba ta jikin majinyaci ba ce. Shi ya sa aka maimaita da ƙarfe 11:40 aka samu 4.9. Duk da haka kada ka goge 6.4 ɗin. Bar ta a gurbinta da tauraronta da bayaninta, domin wani zai ga takardar wata rana ya tambayi ina ta shiga.

Ina roƙonka da abu ɗaya a nan. Idan kai ne farkon ganin fotasiyam ya kai irin wannan lamba, musamman ga mai matsalar ƙoda, ajiye biro ka kai wa nas ko likita takardar nan take. Yawansa a jini yana iya rikita bugun zuciya. Ba kai za ka yanke hukuncin cewa farfashewar jini ce ba, jadawali kuma zai jira.

Layin ƙasa

Layin "abin da ya faru" ba ya cikin kowace takardar gwaji, amma in babu shi ana iya yi wa lambobin mummunar fahimta. Hemogulobin ɗin dattijon ya sauko daga 11.8 zuwa 10.9 zuwa 10.4. Mai kallon lambobi zalla zai iya zaton zubar jini. Mai kallon layin ƙasa zai ga cewa na farkon an aune shi ne jiki a bushe, jini ya yi kauri, sauran kuma bayan an yi ta ƙarin ruwa. Wannan bai kore zubar jini ba, likita ne zai duba, amma ya sa a gabansa dalilin da ya fi kusa. Abubuwan da suka cancanci shiga layin su ne ƙarin jini, ƙarin ruwa, wankin ƙoda, tiyata, da fara magani ko dakatar da shi. Kalma biyu ko uku sun isa.

Sake dubawa, daga jadawali zuwa takarda

Idan ka gama, juya hanya. Sa yatsa a kan lambar da ke jadawali, ka nemo ta a takarda. Idan ka bi hanyar da ka bi da farko, idonka zai ga abin da yake tsammani. In akwai mutum na biyu ya fi, ɗaya ya karanta da murya, ɗaya ya bi da yatsa. Sannan ka ƙirga. A takardun dattijon sakamakon gwaje-gwajen nan huɗu guda 20 ne, a jadawali ma dole guraben da ke da lamba su zama 20.

Bayan haka bi kowane layi ka nemi lambar da ta fita daga dangi. Wadda ta ninka maƙwabtanta sau goma, ɗigo ne ya goce ko g/L ya shigo layin g/dL. Kiriyatinin da ya faɗo daga ɗari da wani abu zuwa ɗaya da ɗigo, an manta juyawa ne. Lambar da ta yi tsalle ta dawo ita kaɗai, kamar 115 ɗin nan tsakanin 186 da 171, ko dai ba a gurbinta take ba ko takardar wani ce. Yuriya da kiriyatinin galibi tare suke hawa tare suke sauka, don haka idan ɗaya ya tafi ya bar ɗan'uwansa, koma ga takardar kafin ka yarda.

Mai son yi a kwamfuta, tsarin bai canza ba. A Excel ko Google Sheets, sa lambar asali a layi ɗaya, wadda aka juya a layin ƙasansa. Ga na kiriyatinin, idan lambar asalin tana gurbin C3:

```
=ROUND(C3*88.4,0)
```

Ka lura cewa `<5` da `6.4*` manhajar tana ɗaukarsu rubutu ne, ba lamba ba, don haka idan ka sa ta zana graf da lambobin, ba zai nuna su daidai ba. Mayar da tauraron zuwa layin bayani. Idan lamba ta manne a hagun gurbi maimakon dama, alama ce ta shiga a matsayin rubutu.

Abin da jadawalin ke nunawa

Tazarar layukan tsaye a takarda iri ɗaya ce, amma a lokaci ba haka ba. Tsakanin na farko da na biyu kusan wata biyu ne, tsakanin na huɗu da na biyar awa biyar da 'yan mintuna. Ni nakan ja layi mai kauri bayan tsohon sakamako don a san shi ne ma'aunin lafiyarsa, ba ɓangaren wannan jinyar ba.

Ƙa'idar KDIGO ta 2012, wadda likitoci ke amfani da ita wajen gane rauni na farat ɗaya a ƙoda, gaba ɗayanta a kan canji ta dogara: kiriyatinin ya ƙaru da 26.5 µmol/L ko fiye cikin awa 48, ko ya kai ninki ɗaya da rabi na asalinsa cikin kwana bakwai, ko kuma fitsari ya ragu ƙwarai. Takarda ɗaya ba za ta iya amsa wannan ba. A jadawalin dattijon, daga 115 zuwa 148 ƙarin 33 ne cikin ƙasa da awa 24. Tsohuwar takardar Janairu kuma ta ƙara haske: 186 idan an gwada da 115 ninki 1.6 ne, idan an gwada da 88 ya haura ninki biyu. Ashe tun kafin a kwantar da shi ƙodar ta fara jigata, kuma 139 na ranar ƙarshe, duk da ana saukowa, da sauran tafiya kafin a koma 88. Ɗan motsi kaɗan, kamar 4.6 zuwa 4.7, ba labari ba ne, injin kansa yana iya ba da wannan bambanci a jini ɗaya, balle idan ɗakunan gwaji biyu ne.

Maƙala jadawalin a saman takardun bakwai, jere bisa lambobin da ka ba su da fensir, kada ka jefar da ko ɗaya. A ƙasa rubuta sunanka da ranar da ka cike layin ƙarshe. Idan za ka ɗauki hotonsa don turawa, likitan da ke duba majinyacin kaɗai za ka tura wa, tunda sunansa da lambar katinsa suna jiki. Gobe da safe idan sabuwar takarda ta iso, duba lambar kati, nemo lokacin ɗibar jini, ka ba ta lamba 8, ka buɗe mata layinta a dama da na 7 ga Maris.